Littafin ƙungiyarmu ba ya dannuwa, kuma fayil ɗin asali ya salwanta

Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye kusa da Auyo. Muna da jagora mai shafi 64 a PDF, amma kwamfutar da aka buga shi a cikinta ta ƙone tare da fayil ɗin Word. Ina so in an danna babi a shafin abubuwan da ke ciki ya kai mutum can, adireshin intanet guda tara da ke ciki su ma su riƙa buɗewa. Yaya zan yi ba tare da sake bugawa ba?

Habu: Ni fa a wayata adireshin na buɗewa ko ba a yi musu komai ba. Canza manhaja kawai, Sakatare.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Habu, manhajarka ce ke cankar adireshi idan ta ga www, ba a jikin fayil ɗin abin yake ba. Gwada wanda ya karye ya gangaro layi na biyu, sau da yawa rabinsa za ta ɗauka ta kai ka inda babu komai. Babi kuwa ba ta san da shi ba sam.

Linki a PDF akwati ne da ake ɗorawa a kan rubutu, rubutun kansa ba a taɓa shi. A Acrobat Pro (Reader na kyauta ba ya yi) ka shiga Edit PDF, sai Link, sai Add/Edit Web or Document Link. Ja akwati a kan layin babin, zaɓi Invisible Rectangle da Go to a page view, gangara da kanka har shafin da kake nufi, sannan ka danna Set Link. Na intanet kuma Open a web page, ka rubuta adireshin cikakke tun daga https://. Ka ja akwatin ya rufe layin gaba ɗaya har lambar shafin, domin da babban yatsa za a danna a waya, wani ma hannunsa da taɓon fadama.

Sakatare: Allah ya saka, Malam. Ba ni da Acrobat Pro, sai na gwada wani shafin intanet na kyauta, aka ce in sa lambar shafi. Babi na 3 yana shafi na 12, na sa 12, sai ga ni a tsakiyar Babi na 2.

Malam Nura: Nan ne kowa ke tuntuɓe. Kai lambar da aka buga a ƙasan takarda kake karantawa, shi kuwa fayil daga bango yake fara ƙirga. Shafi nawa ne kafin wanda aka rubuta wa 1?

Sakatare: Huɗu. Bango, godiya, abubuwan da ke ciki, gabatarwa.

Malam Nura: To ƙara huɗu a kowace lamba, Babi na 3 ya zama 16. Amma ka duba babin ƙarshe tukuna. In shi ma ya faɗa daidai, shi ke nan. In ya kauce, akwai shafin hoto ko farin shafi mara lamba a tsakiya, daga wurin sai ƙarin ya zama biyar.

Zainab: Yaya Nura, in babin na da yawa ai PyMuPDF, laburaren Python na sarrafa PDF, ya fi sauri:

```
import fitz
d = fitz.open("jagora.pdf")
p = d[2]
r = p.search_for("Babi na 3")[0]
p.insert_link({"kind": fitz.LINK_GOTO, "from": r, "page": 15})
d.save("jagora2.pdf")
```

15 na sa ba 16 ba, don a nan daga 0 ake ƙirga, shi ya sa shafi na uku ya zama `d[2]`. Sai dai in sikanin aka yi wa littafin, `search_for` ba zai samu komai ba, hoto ne kawai. Sakatare, ka gwada ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, in ta zaɓu rubutu ne na gaske.

Alhaji Garba: Ni na ɗan'uwana na kai shagon kwamfuta a Haɗeja aka mayar da shi Word. Duk ƙ da ɗ suka koma 'yan akwatuna, teburin farashi ya wargaje, kwana biyu muna gyara. Kada ku bi ta nan.

Malam Nura: Gaskiyar Alhaji. Sannan in ka gama, Save As za ka yi da sabon suna. Kada wani ya bi da shi ta Microsoft Print to PDF don rage nauyi, duk akwatunan za su zube, littafin ya fito tsaf amma ba abin da ke dannuwa.

Zainab: Shafin kyautar nan fa, loda musu fayil ɗin kake yi. Akwai sunaye da lambobin wayar 'yan ƙungiya a ciki?

Sakatare: Akwai, shafi uku a ƙarshe, ban ma yi tunanin haka ba wallahi. Na ƙara huɗu, babi takwas duk sun faɗa daidai a kwamfuta. Sai dai na tura wa shugabanmu ta WhatsApp, ya ce na intanet na buɗewa, na babi kuwa shiru.

Habu: Wace manhaja ce a wayar tasa?

Sakatare: Bai sani ba, ya ce wadda ta zo da wayar ce. Gobe in mun haɗu a fadama zan karɓa in duba.