Kos biyu Talata ƙarfe 9, ya zan yi?

Ummi: Salam jama'a don Allah a taimaka, taimtebul ɗin jarrabawa ya fito yau kuma kos ɗina na aji uku ya ci karo da kariyoba ɗina na aji biyu, duk Talata ƙarfe 9 na safe, wallahi tun ɗazu na kasa cin abinci

Bash: Kwantar da hankali, na farkon nan ai na gwaji ne, suna kafewa ne don a kawo ƙorafi. Za su gyara da kansu

Malam Sani: Bash ka faɗi rabi. Na gwaji ne amma ba mai gyara abin da ba a kai masa ba. Na riƙe ofishin jarrabawa na sashenmu, yadda muke yi shi ne kwasa-kwasan aji ɗaya ba ma haɗa su lokaci ɗaya, to amma mai kariyoba ƙafarsa ɗaya a wannan aji ɗaya a wancan, ba ma ganinsa sai ya zo da kansa. Ummi gobe ki rubuta takarda ga jami'in jarrabawa na sashenku, ki sa lambarki da lambar kos biyun da rana da lokaci, ki haɗa kwafin fom ɗin rijista, ki riƙe kwafi ɗaya.

Ummi: To malam sai su ɗaga ɗaya kenan?

Malam Sani: Ya danganta da yawanku. In ku 30 ne a kan matsar da kos mai ƙarancin ɗalibai, don shi ya fi sauƙin samun ɗaki. In ku 3 ne kuwa ba za a taɓa ajin mutum 400 saboda ku ba, kana matsar da shi sai ya faɗa kan wani. Killace ku za a yi. Ki rubuta ɗaya 9 zuwa 11, mai sa ido ya riƙe ki ba waya ba magana da kowa, ko banɗaki sai da rakiya, sannan a ba ki ta biyun, tunda 'yan wancan ajin sun fito da tambayoyin a hannu.

Hauwa: Ni haka aka min, ki tafi da ruwa da abin taɓawa don kai na ɗaukar zafi. Kuma ki sa hannu a takardar halarta ta kos biyun, ni ta biyun na manta, sakamako ya fito wai ban zauna ba, sai da aka tono takardata

Auwal: Nima biyu gare ni rana ɗaya, safe da yamma

Bash: Wannan ba karo ba ne Auwal, karatu kawai za ka yi

Ummi: Malam kariyoban fa na wani sashen ne, ba namu ba. Can zan kai ko nan?

Malam Sani: Fara da naku, shi zai tuntuɓi nasu ko ya kai kwamitin tsangaya. Amma ki leƙa can ɗin ma, don su ne za su ware miki takardar tambaya.

Hauwa: A namu dai cewa aka yi can za a fara kaiwa

Ummi: Bari na yi kwafi biyu kawai