Neman kalmar Hausa: takardar da ake yankewa kafin walda a wuri mai haɗari

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara littafin horon ma'aikatan wata ma'ajiyar mai, kalmomi biyu sun tsaya mini. Ta farko takardar nan da ma'aikata ke cewa famit, wadda ake yankewa kafin a yi walda ko yankan ƙarfe kusa da tanki. Ta biyu sunan irin aikin kansa, wanda in an bi Turancin kai tsaye zai fito "aikin zafi". Na fara rubuta "izinin aikin zafi", amma kunnena bai yarda ba. Masu sana'ar, ku taimaka.

Ɗan Kwano: Wa alaikumus salam. Ai izinin aiki sananne ne, shi ne wanda hukumar shige da fice ke ba baƙo kafin ya kama aiki a wata ƙasa. Me ya haɗa shi da walda?

Mai Fassara: Ba shi nake nufi ba, ɗan'uwa, amma ka yi mini amfani. In kai ka fahimce shi haka, wasu ma haka za su fahimta.

Baba Mai Walda: Malam, cire "zafi" tukuna. Wanda ke aiki a gindin tukunyar tururi yana shan zafi, amma ba ya kunna komai. Mai giranda kuwa ko gumi bai yi ba, tartsatsinsa na iya tada gobara. Da na so a ce "aikin wuta", sai dai yaranmu in ka ce wuta, lantarki suke ji. Ni dai "aikin tartsatsi" nake cewa. Takardar kuma ka bar ta famit, kowa ya san ta. Ai sa hannun oga ce, ya ce a yi aikin.

Hajiya Injiniya: Baba, tartsatsin nan naka ya yi, na karɓa hannu bibbiyu. Amma a kan sa hannun oga zan ɗan ja da kai, ka yi haƙuri, domin nan ne ake rasa rayuka.

Takardu biyu ne. Ta farko umarnin aiki: shugaba ya duba ya ce wannan gyara ya cancanta, akwai kuɗinsa, wane zai yi. Ana iya sa mata hannu a ofis sati biyu kafin ranar, kuma ba ta lalacewa don an kwana. Ta biyun, wato famit, ba ta tambayar ko aikin ya cancanta. Tambayarta ita ce: a wannan wuri, a wannan sa'a, in aka kunna wuta me zai kama? Shi ya sa mai yanke ta ba lallai ne ya zama babba a muƙami ba. Shi ne mai kula da sashen, wanda ya san abin da ke gudana a kowane bututu, kuma sai ya taka da ƙafarsa ya je wurin.

Ga misali. Za a yi waldar ƙafar da ke riƙe bututu, taku kaɗan daga tankin fetur. Mai sashen da mai walda su je tare. A rubuta ainihin wurin, ba "gefen tanki" kawai ba. A rufe bawul, a sa kwaɗo da alama, in akwai hali a toshe bututun da farantin ƙarfe, don bawul yakan yi yoyo. Duk abin da zai ci wuta a kewayen mita 11 a kwashe shi, wanda ba ya ɗaukuwa a lulluɓe shi da bargon da ba ya ƙonewa, a toshe bakin magudanar ruwa. Sannan a auna iska. Tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi, saboda haka a ƙasa da cikin rami ake kai na'urar, ba daidai hanci ba. Daga nan su biyun su sa hannu, a rubuta ƙarfe nawa ta fara, ƙarfe nawa za ta mutu, yawanci ba ta wuce zubin aiki ɗaya. A tsayar da mutum guda da abin kashe gobara wanda ba shi da wani aiki sai kallo, kuma ya ci gaba da tsayuwa bayan an kashe injin. Tsohuwar ƙa'ida minti 30 ce, yanzu da yawa sun koma awa guda, don tartsatsin da ya faɗa cikin tsumma yakan daɗe yana cin ƙasa-ƙasa. A ƙarshe a dawo da takardar, a sake sa hannu cewa an mayar da wurin.

Mai Fassara: Ranki ya daɗe, me na'urar take nunawa? Akwai shi a littafin.

Hajiya Injiniya: A fuskarta za ka ga `%LEL`. Kowane gas yana da mafi ƙarancin yawan da zai kai a cikin iska kafin ya iya kamawa da wuta, wannan iyaka ita ce LEL. Na tururin fetur kusan kashi 1.4 cikin 100 ne kacal. In ta nuna 10, ma'ana an kai kashi goma cikin 100 na wannan iyaka, kuma a nan yawancin na'urori ke fara ƙara. Wurare da dama ba sa yarda a fara walda sai ta nuna sifiri. Amma sifirin yana iya zama ƙarya: irin na'urar da aka fi amfani da ita tana ƙona gas ɗin ne a cikinta kafin ta auna, to in an kore iskar tanki da naitirojin babu isasshen oksijin, sai ta nuna ƙasa da gaskiya. Don haka ake fara duba oksijin, wanda a iska lafiyayya yake kashi 20.9 cikin 100.

Baba Mai Walda: 'Yata, kin tuna mini. Wata shekara a wani kamfani an auna mana iska da safe, sifiri, aka ba mu takarda. Muka tafi hutun rana. Ashe wani daga wani sashe ya zo ya tsiyaye layi cikin magudanar da ke bayanmu, bai san muna nan ba. Da muka dawo yarona ya ɗauki hannun walda, mai gadin wutar ya ce a dakata ya sake aunawa. Yana sunkuyar da na'urar ta ɗau ƙara. Takardar tana aljihuna, lokacinta bai ƙare ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Hajiya Injiniya: Alhamdu lillahi da ya sake aunawa. Ka ga takardar ta mutu tun lokacin da aka buɗe layin nan, ko da agogo bai ce ba. Kuma da an rataye kwafinta a ɗakin kula da injina tare da sauran, da mai tsiyayar ya gani. Irin wannan rashin haɗuwar takardu ne ya jawo bala'in dandalin mai na Piper Alpha a Tekun Arewa ranar 6 ga Yuli, 1988. Ba walda ba ce, an cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, masu aikin dare ba su sani ba suka tada famfon. Mutum 167 suka rasu.

Malam Mai Fassara, ni abin da ke damuna da "izini" shi ne daga sama yake saukowa, mutum ɗaya ya ba da, shi ke nan. Wannan kuwa miƙa wuri ake yi, a karɓa da sharaɗi, a dawo da shi. Na fi son "takardar sharaɗi".

Ɗan Kwano: To ai amana ke nan, Hajiya. "Takardar amanar wuri" fa?

Baba Mai Walda: Ma'anar ta yi kyau, amma sabon yaro ba zai gane cewa in babu ita an hana shi kunna inji ba. Izini shi ke nuna akwai hani. Kada a jefar da shi.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "aikin tartsatsi", da "mai gadin wuta" da Baba ya faɗa, da "umarnin aiki" ga takardar ofis. Ɗayar zan rubuta "takardar izini mai sharaɗi" a farkon babi, in ambaci cewa ita ce famit. Tsawonta ne bai kwanta mini ba, ban ga mai cewa haka a bakin tanki ba. Hajiya, in an dakatar da ita saboda ƙararrawa ko canjin masu aiki, me za mu ce? "An jingine" ko "an soke"?

Hajiya Injiniya: Duka biyun za ka buƙata. Wadda aka jingine ana farfaɗo da ita bayan an sake zagaya wurin an sake auna iska. Wadda aka soke sai an yanki sabuwa.