Neman kalmar Hausa: me za mu kira EAA?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina darasi kan zaɓi tsakanin injina biyu da tsawon rayuwarsu ya bambanta, sai EAA, wato Equivalent Annual Annuity, lissafin da ke auna su a kan shekara ɗaya, ta tsaya mini a wuya. Misalin da nake ba su: inji na farko 300,000, yana shekara 3. Na biyu 480,000, yana shekara 5. Aikinsu ɗaya, kuɗin gyara da na mai ma ɗaya. Wane suna za mu ba wannan lissafi?

Zulai: Wa alaikumus salam, Malam. Ni "matsakaicin kuɗin shekara" zan ce. Ai raba farashi ake yi da shekaru: na farko 100,000, na biyu 96,000. Na biyu ya fi sauƙi.

Malam Garba: Malama Zulai, kin kama hanya, don shekara ɗaya ake son a auna su a kai. Amma rabon nan ya manta cewa yau za a zube kuɗin gaba ɗaya, kuma da an sa su a wani wuri da sun haihu. A ce jarin yana kawo kashi 10 cikin 100 a shekara. Tambayar ita ce: wane adadi ne, in ana biyan sa ba canji a ƙarshen kowace shekara har injin ya mutu, zai yi daidai da abin da aka biya yau? Ki buga wannan a Excel:

```
=PMT(10%,3,-300000)
=PMT(10%,5,-480000)
```

Na farko zai ba ki kusan 120,600, na biyu kusan 126,600. Kin ga magana ta juye, na farko ne mai sauƙin, saboda na biyu ya ɗaure ƙarin 180,000 tun ranar saye. Shi ya sa nake tsoron "matsakaici": duk ɗalibin da ya ji shi, rabawa kawai zai yi. Ni "kwatankwacin biyan shekara" na zaɓa.

Isuhu: Ba shi ne kuɗin tsufan inji da akanta ke cirewa duk shekara ba?

Malam Garba: A'a, Malam Isuhu. Wancan na littafin ajiyar lissafi ne bayan an saya, kuma babu ribar jari a cikinsa. Wannan kafin saye ake yi.

Zulai: Na yarda. Amma "biya" bai rufe ba. Wani lokaci ribar da injin zai kawo ake shimfiɗawa a kan shekaru, a ɗauki mafi yawa. Me zai hana "kwatankwacin kason shekara"? Kaso ya ɗauki shiga da fita.

Isuhu: To ni kwangilata ta shekara 3 ce kacal. Wannan lissafin zan bi?

Malam Garba: Kar ka bi. Lissafin ya ɗauka cewa in inji ya mutu za ka sake sayen irinsa a farashi ɗaya, ka ci gaba da aiki. Kai sai ka lissafa shekara 3 ɗin, ka cire abin da za ka samu in ka sayar da na biyu.

Malam Habu: Na sa "kwatankwacin kason shekara" a darasin. Sai dai har yanzu sunan bai nuna ribar jarin da ke ciki ba. Mai gyara ya kawo.