Na yi rinin gashi jiya, yaushe zan wanke? Dan Allah a taimaka

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Bikin ƙanwar mijina ne ranar Asabar a Unguwar Dosa, ni ce babbar matar wa, kun dai san yadda dangin miji suke da sa ido, shi ne jiya Talata na je salun nan Barnawa aka rina min gashi kalar zoɓo, da ƙyar ma Abban Ilham ya yarda. Wancan karon da na yi kafin sallah ko sati biyu bai rufa ba ya koɗe ya koma wani ja-ja. Yanzu mai salun ta ce kar ruwa ya taɓa kan sai bayan kwana uku, ni kuma gobe nake sa ran yin wankan tsarki. Wata kuma ta ce in ɗauraye da ruwan kal da ruwan sanyi wai yana kulle kala. Ya zan yi?

Ummu Sultan: Wa alaikis salam. Wanka dai ba a ɗaga shi saboda rini, sallah ce a gabanki. Kuma ruwa zalla ake buƙata ya game kai, ba sai da sabulu ba. Sauran na bar wa masana.

Zuby Kawo: Ruwan firij za ki sa yar uwa, mai ƙanƙara ma in da hali, take yake rufe gashi kala ba ta fita. Ki matse lemun tsami biyu a ciki. Ni haka nake yi.

Anti Ladi Mai Salun: Maman Ilham kwantar da hankalinki ki yi wankanki gobe. In rinin nan ne da ake haɗa kwalba biyu, mai warin amoniya, kalar a cikin silin gashi take haɗuwa tun kina zaune a kujera, lokacin da aka wanke miki shi a salun aikin ya riga ya gama. Kwana biyu zuwa uku da muke cewa, shamfu da sabulu muke nufi, don maganin ya kumbura gashin ya ɗaga ɓawon da ke bayan kowane sili, kamar ɓawon kifi, to ana so ya huta ya kwanta, maiƙon kai ma ya dawo. Ruwa sau ɗaya ba zai kwashe miki kala ba. Ki zuba mai ɗumi kaɗan, kar ki tsaya kina ta kwarara bokiti guda, ki tsane da tsohon tawul don zai ɗan yi ja.

Amma ba ki faɗa mana komai ba a kan wancan karon. Da me kika wanke? Kuma gashinki da rilaksa ko babu?

Maman Ilham: Da sabulun salo nake wankewa Anti, tun ina budurwa, shi kaɗai ke kashe min amosani. Ruwa kuma gaskiya mai zafi, ban iya ruwan sanyi a ka ba yana sa min mura. Rilaksa na sa ranar Juma'a.

Anti Ladi Mai Salun: Juma'ar nan da ta wuce?? Kika yi rini Talata? Innalillahi. Sati biyu ake bari a tsakani ƙanwata, mafi ƙaranci kenan. Rilaksa ta fi rinin ƙarfi nesa, pH ɗinta, wato ma'aunin tsami ko kanwar abu, yana kai 12 zuwa sama, shi kuwa gashi da fatar kai wajen 5 suke so. Gashin da ya sha duka biyun a jere ya zama mai ƙofofi, yana shan kala da sauri yana kuma sakinta da sauri, sannan ga karyewa. Ja kuma dama duk cikin kaloli shi ya fi saurin gudu.

Sabulun salon nan shi ya cinye miki na sallah. Da toka ake yinsa, ɗan gidan su kanwa ne, pH ɗinsa wajen 9 zuwa 10, duk wanki sai ya sake buɗe gashin, ruwan zafi kuma ya ja kalar waje. Ki ajiye shi.

Ruwan kal yana da amfani a nan, don tsami kishiyar wancan ne, yana sa ɓawon ya kwanta gashi ya yi santsi da sheƙi. Amma a tsarma shi. Na kwalba da ake sayarwa 5% ne, ki zuba cokalin cin abinci 2 a ruwa leda ɗaya ta fiya wata, bayan kin gama wanka ki zuba a gashin, minti biyu ko uku ki ɗauraye. Sau ɗaya a sati ya isa, in ya yi yawa gashi bushewa yake ya yi ƙaiƙayi. Kuma kar a ruɗe ki, ba kwaɗo ba ne da zai kulle kala, rage gudunta kawai yake.

Zuby Kawo: To Anti ai lemun tsami ma tsami ne, meye bambancin?

Anti Ladi Mai Salun: Lemun tsami in ya zauna a gashi ya haɗu da rana haske yake sa shi, masu son gashinsu ya yi haske ma shi suke shafawa. Maganar ƙanƙara kuma ciwon kai kawai za ki ja mata. Sanyi ba ya rufe komai, amfaninsa dai bai kwashe kala kamar mai zafi. Ruwan da za ki yi wa jariri wanka da shi ya wadatar.

Hajiya Binta T/Wada: Ni duk wannan wahalar ce ta sa na koma lalle. Wata yarinya a wani salun ta sa min baƙin rini ban sani ba ashe jikina bai ɗauka, kwana biyu goshina da kunnuwana suka kumbura suna ruwa, da na koma wai ita ba ruwanta, ko kuɗina ba ta mayar ba, sai asibiti na ƙare. Lalle kuwa ki kwaɓa da ruwan tsamiya, ki bar shi kwana biyu zuwa uku ba sabulu yana ƙara duhu da kansa. Wannan shi ne jira mai dalili.

Anti Ladi Mai Salun: Hajiya gaskiyarki a kan lalle, shi iska ke ƙara nuna shi. Abin da ya same ki kuma sinadarin PPD ne da ke cikin baƙin rini, shi ya sa ake gwadawa a bayan kunne a jira awa 48 kafin a rina. Maman Ilham in kanki na zafi, ko akwai ƙuna daga rilaksar, kar kal ya je wurin. In kuma kin ga kumburi ko ƙuraje ki manta da kwana uku, ki wanke tas da shamfu ki tafi asibiti.

Maman Ilham: Akwai ɗan ƙuna a ƙeya amma ya fara ɓawo. Ni fa ba laifina ba ne, na faɗa wa mai salun ta ce ba komai tana yi wa amare haka kullum. Kuma salo ɗin nan na gargajiya ne ba kemikal a ciki, kakata da shi ta yi amfani gashinta har baya. Ba zan iya zuwa biki da amosani ba.

Ummu Sultan: Kakarki ta yi rinin zoɓo ne?

Fa'iza Malali: Dan Allah in tambaya, wannan kal ɗin zai yi wa shaddata da na kai rini? Tana ta zuba a wanki.

Anti Ladi Mai Salun: Fa'iza gashi muke magana, auduga daban ce, ki koma wa mai rinin. Maman Ilham toka ma kemikal ce. Ki nemi shamfu mara salfet da kwandishina, wankin farko da shamfu ranar Juma'a da yamma, kal kuma a tsawon gashin kawai ki kauce wa ƙeyar. Na amosani ma ki jinkirta shi, yawancinsu suna cin kala.

Maman Ilham: Toh na gode. Amma in na yi salon sau ɗaya kawai Juma'a, na bi shi da kal ɗin nan take, ba shikenan sun kashe juna ba? Don ranar ma zan yi kitso, mai kitson ba ta taɓa kai sai an wanke.

Zuby Kawo: Ni dai na ce ki sa ƙanƙara.