Likita ya ce waswasi ne

Nasiru Samaru: Jama'a likitocinmu sai addu'a. Tun da kawuna ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa a Sabon Gari, wata huɗu ke nan, na sayi na'urar awon jini. Jiya da asuba 118/76, bayan azahar 146/92, ga ƙirjina na suka ta hagu. Na je wani asibitin kuɗi karo na uku, an yi hoton zuciya, wai lafiya lau. Na nuna masa littafina, awo goma sha biyar a rana, bai ko buɗe ba, ya ce in ajiye na'urar, waswasi ne. Sai na faɗi za su yarda?

Ustaz Lawal: Subhanallahi. Waswasi ai ba kalmar asibiti ba ce. Daga Shaiɗan yake, maganinsa Falaƙi da Nasi da azkar. Likita ya tsaya a allurarsa.

Bala Kemis: Ustaz ba nan gizo ke saƙar ba. In likita ya ce maka waswasi, a fakaice ya ce ka taɓu. Haka suke yi in sun rasa gano cuta. Nasiru, leƙo shago gobe in auna ka da tawa, ka kuma yi gwajin taifot.

Sista Hadiza: Malam Bala me ya haɗa sukar ƙirji da taifot? Gwajin Widal ɗin nan guda ɗaya, mai lafiya ma yana iya nuna masa yana da ita. Ka ƙara masa abin tsoro na biyu ke nan.

Bala Kemis: Dama ku ba kwa ƙin bayan junanku.

Maman Ilham: Ni dai na san wata a Tudun Wada, haka aka yi ta ce mata tunani ne, tunani ne, ashe olsa ce ta ci ta. Kar ka yarda Yaya Nasiru.

Sista Hadiza: Ana yin kuskure, ban musa ba. Amma shi sau uku aka duba shi. Yaya Nasiru, 146 ɗin nan, me kake yi kafin ka ɗaura?

Nasiru Samaru: Na sauko daga mashin daga Kwangila, na ji sukar, na ɗaura nan take. Ya ba ni 138. Na sake, 142. Na uku ne 146.

Sista Hadiza: To ka ga amsar a littafinka. Ka shigo daga rana, goro ƙila a bakinka, gabanka na faɗuwa. Ka ga 138, ka tsorata. Tsoro na sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, sai awo na biyu ya fi na farko, shi kuma ya ƙara maka tsoro. Ba jininka na kullum ka auna ba, fargabarka ka auna sau uku. Jinin kowa yana hawa yana sauka a yini, na wanda ya hau bene ma hawa yake. Da asuba da ka tashi a natse ai 118 ka gani.

Sukar kuma, da ka ji ta kana danna wurin da yatsa?

Nasiru Samaru: Ina dannawa mana, in ji ko tana nan.

Sista Hadiza: Sau nawa a rana? Ka danna cinyarka sau talatin yau ka gani in gobe ba ta yi tsami ba. Haka masu lalubar kaluluwa a wuya suke yi, su yi ta murza ta har ta yi ciwo, su ce ga shi ta girma.

Ustaz Lawal: Duk wannan bayani ne mai kyau, amma har yanzu ba a janye kalmar ba. Waswasi a ibada yake.

Malam Sani Kongo: Ustaz, ni kuwa gani nake likitan ya fi mu iya Hausa. Kai ka karantar da mu hukuncin mustankihi, wanda shakka ta aure shi, kullum yana kokwanton ko alwalarsa ta karye. Me malamanmu na Malikiyya suka ce? Ba su ce ya sake alwala har ya gamsu ba, cewa suka yi ya yi watsi da shakkar ya wuce. Don sun lura in ya sake sau ɗaya, gobe sau biyar zai sake. Na'urar Nasiru butar alwalarsa ce.

Ustaz Lawal: Kar ka haɗa fiƙihu da batir, Malam Sani.

Malam Sani Kongo: Ban haɗa hukunci ba, hali na haɗa.

Bala Kemis: Malaman jami'a an zo. Mutum na ciwo ana kawo masa buta.

Nasiru Samaru: Amma in na ga lamba mai kyau hankalina yana kwanciya. Laifi ne?

Sista Hadiza: Na tsawon wane lokaci?

Nasiru Samaru: Da, yini guda. Yanzu gaskiya ko awa ba ya kaiwa.

Sista Hadiza: Nan tarkon yake. Duk sanda na'urar ta kwantar maka da hankali, zuciyarka na koyon cewa ita ta cece ka, ba ka taɓa ba kanka damar ganin tsoron ya sauka da kansa ba. Kuma yana sauka. Ga abin da zan ce ka yi. Kwana bakwai, safe da yamma kawai. Ka zauna minti biyar ka jingina, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Awo biyu, tsakaninsu minti ɗaya. Ka zubar da na ranar farko, ka fitar da matsakaicin sauran. In ya kai 135/85 ka kai wa likita takardar, hawan jini ba abin wasa ba ne, balle yana danginku. In bai kai ba, na'urar ta koma hannun Anti Rabi ta kulle. In ƙaiƙayin awo ya taso tsakanin nan, ka duba agogo ka ce sai bayan rabin awa, ka tafi harkarka. Kwanakin farko za su yi wuya, ba zan ɓoye maka ba. In ka kasa kai kaɗai, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, wannan damuwar sananniya ce kuma ana magance ta, galibi da zama da tattaunawa.

Bala Kemis: Kun ji ko? Me na ce muku? Ƙwaƙwalwa! Ashe dai taɓuwar ake nufi.

Sista Hadiza: Mai ciwon haƙori ma kansa ake dubawa, Malam Bala. Abin da ba a jira da shi daban ne: nauyi a ƙirji kamar an ɗora buhu, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi da gumi, ko baki ya karkace, ɓari ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Wannan ba a ɗaura na'ura, mota ake nema.

Maman Ilham: Innalillahi, muƙamuƙi? Ni kwana biyu nawa ke ciwo.

Malam Sani Kongo: An samu na biyu.

Maman Ilham: Malam Sani ba na son raini. Kai da ko gaisuwar rasuwar kawun Nasiru ba ka je ba.

Malam Sani Kongo: Ina Kano a lokacin, kuma na kira shi. Nasiru, ban kira ba?

Alhaji Garba Shugaba: Ya isa haka. Abin da aka cimma: an yi ittifaƙi likita bai kyauta ba da ya kira ɗan'uwanmu mai waswasi. Nasiru ya riƙe azkar kamar yadda Ustaz ya ce, ya kuma leƙa wajen ƙanena Bala a ƙara duba shi. Sista ma ta yi ɗan bayani, mun gode. A tuna kuɗin wata.

Sista Hadiza: Ranka ya daɗe, wa ya yi ittifaƙin?

Nasiru Samaru: Sista, kwana bakwan nan, in na fara gobe, na daren yau ba ya ciki ko? Don na riga na ɗaura.