Mi za mu kira rashin shiri tsakanin tsohuwar kyamara da sabon memori?

Mai hoto, Argungu: Salamu alaikum. Ranar Asabar na tafi ɗaukar hoton biki da tsohuwar kyamarata, na sa mata sabon memori mai giga 64, sai ta rubuta `Card error`. Na cire, na hura, na goge haƙoran da gefen riga, na mayar, ba canji, ga ango da abokai sun jeru suna jirana. Katin nan kuwa lafiya lau yake buɗewa a kwamfutar ƙanena. Takardar kyamarar ta jera katunan da ta kira `compatible`, SD da SDHC kawai, nawa kuma SDXC ne a jikinsa. Ina koya wa yara uku aikin hoto, ina son kalmar Hausa da zan yi musu bayani da ita.

Mai caji, Jega: Maigida jabu aka sayar maka, kalmar ke nan. Ni ma an taɓa yi mini, an rubuta 64, ashe cikinsa bai kai 8 ba.

Mai gyaran kyamara, Birnin Kebbi: Ba jabu ba ne ɗan'uwa. Jabu yakan buɗe, ya karɓi hotuna, sai daga baya su lalace. Wanga ko buɗewa bai yi ba a kyamarar. Katunan ga zubi-zubi ne. Na farko, SD zalla, iyakarsa giga 2. A 2006 aka fito da SDHC, har giga 32. A 2009 SDXC ya zo, daga sama da 32 har tera 2. Abin da ya kayar da kai shi ne tsarin da aka shimfiɗa a cikin katin: SDHC da `FAT32` yake zuwa, SDXC kuma da `exFAT`. Kyamarar da aka ƙera kafin wannan tsari ba ta san shi ba, sai ta ɗauka katin ya lalace. Tsohuwar kad rida ma takan yi haka. Kuma don Allah in wata na'ura ta ce `Format`, alhali da hotunan mutane a ciki, kada ka danna, za ta share su.

Malamin Hausa, Yauri: Ni "jituwa" nake gani. Kati da kyamara sun jitu, ko ba su jitu ba. Kalma ce da kowa ya sani, har tsohuwa a ƙauye.

Mai gyaran kyamara: Allah ya gafarta Malam, jituwa ta ɓangare biyu ce, wannan kuwa gefe guda yake tafiya. Sabuwar kyamara tana karanta tsohon kati ba gardama, tsohuwar ce ba ta karanta sabo. A shagona "ɗauka" muke cewa: kyamarar ga ba ta ɗaukar 64.

Malamin Hausa: "Ɗauka" ta yi a baki, amma wajen mai hoto za ta rikita, don kyamara ai hoto take ɗauka. In yaro ya ji "ba ta ɗauka" zai ce ta mutu. To ko "karɓa"? Tana karɓar SDHC, ba ta karɓar SDXC. Ga gefe gudan nan ya fito.

Ɗaliba, Aliero: Baba mai hoto, ba sai ka sayi wani ba. Ka mayar da shi `FAT32` a kwamfuta, kowace kyamara za ta karanta. Haka yayana ya yi. Su SD da SDHC kuma a ce musu "aji".

Mai gyaran kyamara: Ba kowace ba, ƙanwata. Dabarar takan ci a kyamarar da ta riga ta san SDHC, don hanyar da na'ura ke nemo wuri a cikin SDHC da SDXC ɗaya ce, ko da yake wata takan ƙi duk da haka. Amma wadda SD zalla ta sani, ko SDHC mai giga 4 ba za ta gani ba, kome fomatin da ka yi. Kuma a `FAT32` bidiyo guda ba ya wuce giga 4. "Aji" kuwa na roƙe ku a bar shi. Lambar 10 da ke cikin zagaye a jikin kati ita ake kira aji, kuma sauri take nufi, ba girma ba. Mutum nawa suka zo mini suna cewa ai aji 10 suka saya, don mi ya ƙi? Shi ya sa nake cewa zubi.

Malamin Hausa: "Zubi" sai ya tuna mini adashi. "Tsara" fa? Kati da kyamara ba tsara ɗaya ba ne.

Mai hoto: Na gode muku. "Karɓa" ta zauna mini, ita zan koya wa yaran. Zubi da tsara kuwa ku ci gaba, ban yanke ba. Na aika a sayo mini mai giga 32 da SDHC a jikinsa, don akwai suna ranar Laraba.