Sati huɗu kafin lissafin WAEC: takardun baya ko karatu tukuna?

Ummi: Salam jama'a, saura sati huɗu mu zauna lissafi, yayana ya ce kada in taɓa tambayoyin baya sai na gama silabus, wai ɓata lokaci ne. Gaskiya ne?

Bashir: Gaskiyarsa ce ƙanwata. Me za ki amsa a abin da ba ki karanta ba? Sati uku karatu, na ƙarshe tambayoyi.

Malam Sani: Bashir ban yarda ba, silabus ɗin shekara uku ba ya ƙarewa a sati uku, sai ta ɓata kwanakin tana maimaita abin da ta riga ta iya. Ummi ranar Asabar ɗin nan bayan asuba ɗauki obje na shekara ɗaya, tambaya 50, awa ɗaya da rabi, agogo a gabanki, littafi a rufe. Lahadi ki yi maki, kuma kurakuran nake so ki kalla ba jimillar ba. Misali kin ci 27, a cikin 23 ɗin da kika faɗi ki ga 9 ba ki san darasin ba sam, 6 ganganci ne irin su manta alamar ragi, 8 kuma lokaci ne ya ƙare. Waɗannan 9 ɗin su ne karatunki na Litinin zuwa Alhamis, darasi biyu kawai a sati, in logaridim da biyarin ne to kwana bibbiyu. Juma'a ki sake yin waɗanda kika faɗi ba tare da leƙa amsa ba, Asabar sabuwar takarda.

Khalifa: Malam wace shekara ce suka fi maimaitawa? In haddace ta kawai

Malam Sani: Salon tambaya ne ke dawowa Khalifa, lambobin sukan canza.

Hauwa: Wallahi haddar nan ce ta kayar da ni bara. A gida nan Kurna ina cin 45 saboda takardun da na sha gani nake maimaitawa, har na san amsa tun kafin in gama karanta tambaya, ina shiga hol sai komai ya zama baƙo. Ummi ki ɓoye shekara biyu na baya-bayan nan kada ki buɗe sai satin ƙarshe, kuma satin nan ba sabon darasi.

Bashir: To na ji, amma tiyori fa? Tambaya 10 cikin 13, awa biyu da rabi, kuma matakan aiki ake ba maki. Wa zai yi mata makin? Littattafan da muke saya a Sabon Gari wani lokaci amsarsu ma kuskure ce.

Malam Sani: Nan kam ka yi gaskiya. Sati na biyu da na huɗu ta haɗa da tiyori, ta kawo min in duba.

Bashir: Duk da haka ni dai wanda ya ci ƙasa da 15 a gwajin farko gara ya yi sati biyu cur a kan littafi.

Ummi: Na gode Malam, na gode Yaya Bashir. Asabar da Lahadi ina islamiyya da safe, zan iya mayar da takardar bayan la'asar?